Hotuna da takardun mamaci a rumbun intanet: me kamfanoni ke nema kafin su saki?

Yawancin iyalan da aka yi wa rasuwa suna ɗauka cewa da zarar sun miƙa wa Google ko Apple takardar shaidar mutuwa, suka haɗa da hujjar cewa su ne 'ya'yan marigayi ko matarsa, shi ke nan za a ba su kalmar sirrinsa su shiga su kwashi hotuna. Ba haka abin yake ba. Manyan kamfanonin nan ba sa ba kowa kalmar sirrin mamaci, kuma ko sun so ba su da ita a rubuce yadda za a karanta. Takardar shaidar mutuwa in ta zo ita kaɗai, aikin da ta fi iyawa shi ne sa a rufe asusun. Sakin abin da ke ciki kuwa yawanci yana bukatar ɗayan abu biyu: ko dai izinin da mamacin ya bari tun yana da rai, ko umarnin kotu da ya kama sunan kamfanin ya ce ya bayar. Wanda bai san wannan ba yana iya goge hotunan iyayensa da hannunsa, yana zaton hanyar samunsu ya kama.

Dalilin taurin kan nan yana da tushe, ko da yake mai jimamin rashi ba zai ji daɗinsa ba. Mutum in ya buɗe asusu, yarjejeniya ya ƙulla tsakaninsa da kamfani, shi kaɗai. Sharuɗɗan iCloud, rumbun ajiyar Apple a intanet, sun faɗa ƙarara cewa asusun ba ya komawa hannun wani, kuma haƙƙin mai shi yana ƙarewa da mutuwarsa, sai fa ta hanyar tsarin gadon da Apple ya tanada ko inda doka ta tilasta. Sannan kamfanonin na Amurka ne, kuma akwai wata dokar Amurka ta 1986 da ta hana masu ajiye saƙonnin mutane su bayyana abin da ke cikinsu ba tare da halastaccen izinin mai su ba. An rubuta dokar tun kafin a san waya mai kyamara, amma har yau ita ce lauyoyin kamfanonin ke dubawa. Kamfani a nan matsayinsa na wanda aka ba ajiya ne: mai ajiyar ya tafi, ga mutane sun zo suna cewa su ne magada, kuma cikin kayan akwai wasiƙun wasu da suke raye ba su yarda a karanta ba. Ga kuma 'yan damfara, waɗanda takardar mutuwa ta bogi ba ta yi musu wuyar haɗawa. In da takarda ɗaya ke buɗe asusu, da an riƙa "kashe" mutane suna raye don a shiga imel ɗinsu.

Kotuna sun ɗan sassauta lamarin a wasu wurare. A 2017 babbar kotun jihar Massachusetts ta yanke, a wata shari'a da Yahoo, cewa wanda kotu ta naɗa mai kula da dukiyar mamaci yana iya bayar da wannan halastaccen izini a madadinsa. A Yulin 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce asusun Facebook na wata yarinya da ta rasu yana cikin abin da iyayenta suka gada, kamar yadda za su gaji wasiƙunta da littafin sirrinta. Mafi yawan jihohin Amurka kuma sun karɓi wani daftarin doka na 2015 wanda ya jera abin da za a bi: da farko zaɓin da mamaci ya yi a cikin asusun kansa, in babu sai wasiyyarsa, in babu ita ma sai sharuɗɗan kamfani. Wannan jerin ya kamata a riƙe shi, domin ko a wajen Amurka kusan haka kamfanonin ke tunani. Maɓallin da mamaci ya danna a wayarsa ya fi duk wata takarda da iyali za su kawo nauyi.

Idan mamacin ya bar izini

Apple ya fito da tsarinsa a ƙarshen 2021, tare da iOS 15.2, sunansa a allo Legacy Contact. Mai asusu yana zaɓar wanda ya amince da shi, sai wayar ta fitar da wani mabuɗi, dogon jerin haruffa da lambobi haɗe da hoton da ake haskawa da kyamara. In wanda aka zaɓa yana da iPhone, mabuɗin yana zuwa masa ta saƙo, ya amince, ya zauna a cikin saitin wayarsa. In ba shi da ita, akan buga masa a takarda. Saboda haka abu na farko da iyali za su yi shi ne tambayar juna, kowa ya duba wayarsa a Settings, ƙarƙashin sunansa, Sign-In & Security, sannan Legacy Contact. A kuma duba inda marigayi ke ajiye muhimman takardunsa. Sau da yawa mutum ya amince da saƙon shekaru biyu da suka wuce ya manta.

Wanda ke da mabuɗin sai ya shiga digital-legacy.apple.com, ya saka shi, ya ɗora takardar shaidar mutuwa. Ba a neman kotu. In an amince, Apple yana ba shi wani asusu na musamman da zai ga hotuna, da saƙonni, da rubuce-rubucen Notes, da fayilolin iCloud Drive. Asusun marigayi na asali ya daina aiki daga nan, kuma ana cire Activation Lock, kullen da ke hana wani amfani da na'ura sai da kalmar sirrin asusun mai ita, daga na'urorinsa. Abin da ba ya ciki shi ne kalmomin sirrin da ya adana a Keychain, da bayanan katin biyan kuɗi, da finafinai ko kiɗan da ya saya. Akwai kuma wa'adi: shekara 3 daga ranar da aka amince da bukatar farko, sannan a goge asusun har abada. Kuma in mutum ya zaɓi fiye da ɗaya, kowannensu yana iya yanke shawara shi kaɗai, har da gogewa, don haka gara su yi magana da juna tun da wuri.

Mabuɗin nan ba ado ba ne. An tsara shi ne yadda wani ɓangare na abin da ke warware bayanan yake hannun Apple, wani ɓangaren kuma yake hannun wanda aka zaɓa, babu mai iya buɗewa shi kaɗai. Shi ya sa in mabuɗin ya ɓata, sunanka a jerin bai isa ba.

Na Google ya girme shi, tun 2013 yake, sunansa Inactive Account Manager, kuma aikinsa daban ne. Shi ba ya jiran takardar mutuwa ko kaɗan, shiru yake ƙirgawa. Mai asusu yana zaɓar wata 3, 6, 12 ko 18. In asusun ya yi wannan tsawon ba motsi, Google zai fara ƙoƙarin tuntuɓar mai shi, in bai amsa ba sai ya aika wa mutanen da ya zaɓa, har mutum 10, da hanyar sauke abin da ya ware wa kowa. Wani Photos kawai, wani Drive da Gmail. Ana tura lambar tabbatarwa zuwa layin wayar wanda aka zaɓa, kuma yana da wata 3 ya sauke kayansa.

Abu biyu ke rikita iyali a nan. Na farko, Google ba ya sanar da wanda aka zaɓa a lokacin da aka zaɓe shi, don haka rashin jin labari bai nuna cewa marigayi bai tsara komai ba. Saƙon yana iya faɗowa bayan wata shida ko shekara, yana iya kuma shigewa cikin Spam. Na biyu, Google yana gane motsi ne ta hanyar shiga asusu, da amfani da Gmail, da ma tuntuɓar da wayar Android ke yi da kanta. Ke nan wayar marigayi in tana kunne tana kama intanet, tana iya sa Google ya ci gaba da ɗaukarsa mai rai, ƙirgen ya ƙi farawa.

Idan bai bar komai ba

Wannan shi ne halin da mafi yawan mutane ke samun kansu. Mu ɗauki misalin wata mata da mahaifinta ya rasu. Ya bar wayar Android mai lambar sirri, da asusun Gmail, yana biyan kuɗin ƙarin wuri na gigabait 100 duk wata da katin bankinsa, kuma hotuna da bidiyo da takardun da ya haska sun cinye kamar gigabait 60. Tana son hotunan, 'yan'uwanta kuma suna bukatar takardun wani gida da suke zaton ya ajiye a Drive.

Kafin a je ga fom ko lauya, makonnin farko su ne masu hatsari, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yinta.

Wayar tukuna. In a buɗe take, ko wani ya san lambar, kada a bari ta mutu, kuma kada a kashe ta a sake kunnawa ba dalili. In ba a san lambar ba, kada a zauna ana cankarta. Kowane kuskure yana ƙara lokacin jira, kuma a iPhone akwai saitin da in mai ita ya kunna, kuskure na 10 yana goge wayar gaba ɗaya. Zanen yatsa da fuska ba mafita ba ne, don suna daina aiki da zarar an sake kunna waya, ko bayan ta kwana biyu zuwa uku ba a buɗe ta da lamba ba. Mafi muni shi ne kai ta wurin mai gyara a ce ya "buɗe". Abin da yawanci zai yi shi ne mayar da ita sabuwa, wato ya share duk abin da ke ciki, sannan in ta tashi ta nemi kalmar sirrin asusun marigayi kafin ta yi aiki. An rasa hotunan da ke cikin wayar, ba a kuma sami wayar ba.

Sai layin waya. Kusan duk hanyar dawo da asusu tana bi ta lambar da ake turowa a saƙo. Kamfanonin sadarwa suna janye layin da ya daɗe ba a amfani da shi, su sayar wa wani. In haka ta faru, lambobin tabbatarwa na asusun mahaifinta za su riƙa sauka a wayar baƙo. Don haka a bar layin da rai har a gama.

Sai katin banki. Banki yana rufe asusun mamaci da zarar an sanar da shi, kuma daidai ne. Amma daga ranar kuɗin wata zai daina fita, asusun Google ya koma gigabait 15 na kyauta, alhali akwai 60 a ciki. Ba a goge komai nan take. Abin da ke faruwa shi ne Gmail ya daina karɓar saƙo, kuma sabon hoto ba ya hawa. Wannan yana da illa fiye da yadda ake zato, saboda duk wani kamfani da zai turo saƙo zuwa imel ɗin, saƙon zai koma. In asusun ya zauna a haka ya wuce iyaka har shekara 2, Google yana iya share abin da ke ciki. Haka ma asusun da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba, tun daga Disamban 2023 Google ya ba kansa damar goge shi ɗungurungum. Shekara biyu kamar da yawa, amma shari'ar gado tana cinye ta ba a ankara ba.

Bayan an tsare waɗannan, sai a duba ko abin da ake nema yana wani wuri da ba sai an roƙi kowa ba. Kwamfutar gida tana iya kasancewa a shige cikin asusun, ko tana da kwafin fayilolin a kanta. Dropbox, wani kamfanin ajiyar fayiloli a intanet, shi da kansa shawarar da yake fara bayarwa ke nan, a duba jakarsa da ke kan kwamfutar marigayi. Kundin hotuna da ya raba da iyali yana nan a asusun kowannensu, takardar da ya taɓa turo wa ɗansa ta imel tana cikin akwatin ɗan. A misalinmu, mai yiwuwa takardun gidan suna wurin lauyan da ya rubuta su ko ofishin da ya yi musu rajista, kuma neman kwafi a can ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wani abin lura game da kundin da aka raba: ganin hoto a wayarki bai nuna naki ba ne. In ba ki danna kin ajiye shi a naki asusun ba, ranar da aka goge asusun mai shi, hoton zai tafi tare da shi.

Kada kuma a ruɗu da abin da ake gani a wayar. Google Photos yana da maɓallin Free up space, wanda ke share hotuna daga wayar ya bar su a rumbu kawai. A iPhone kuwa, in an kunna Optimize iPhone Storage, ƙananan kwafi ne a wayar, na asali suna iCloud. Mutum yana iya jona wayar da kwamfuta ya kwafe abin da ya gani, ya ɗauka ya gama, ashe kaso kaɗan ya samu.

To idan matar ta san kalmar sirrin mahaifinta, ko wayar a buɗe take, ta shiga kawai? Iyalai da yawa haka suke yi, kuma ba zan ɓoye cewa ita ce hanya mafi sauri ba. Amma a san matsayinta. Sharuɗɗan kamfanoni ba su yarda da shiga asusun wani ba, kuma dokokin ƙasashe kan shiga na'ura ba izini sun bambanta. A ganina bambancin da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin wanda marigayi ya ba kalmar da bakinsa, sauran magada kuma sun sani, da wanda ya lallaɓa ya shiga shi kaɗai alhali ana jayayya kan gado. Na biyun yana jawo wa kansa zargi, ko da hoto kawai ya je nema. In za a shiga, a yi da sanin wanda ke da alhakin kula da dukiyar, a sauke kwafi, kada a goge komai, kada a aika saƙo da sunan mamaci. Kuma a yi a kan na'urar da ya saba amfani da ita, domin shiga daga sabuwar waya yana tayar da tambayoyin tsaro da ba wanda zai iya amsawa.

Hanyar fom da kotu

Mu ce wayar a kulle take, ba wanda ya san komai. Google yana da fom na musamman don asusun mamaci, kuma a farkonsa akwai zaɓi uku: rufe asusun, neman kuɗin da ke ciki, ko neman bayanan da ke ciki. Nan ne tarkon da ya fi kama mutane. Rufewa ita ce mafi sauƙi, kuma mutum yana iya ganin kamar ita ce matakin farko na sanar da kamfani. Google ya faɗa a fili cewa in aka rufe asusu, ba zai iya sauraron bukatar bayanan ba daga baya. Haka abin yake a Apple, takardar mutuwa tana iya sa a goge asusun, kuma gogewar ba ta dawowa. Ya kamata duk 'yan'uwa su san da wannan, don ƙanin da ke nesa yana iya cike fom ɗin rufewa yana ganin taimako ya yi.

Matar za ta zaɓi neman bayanai. Za a tambaye ta cikakken sunan marigayi da adireshin imel ɗinsa, da sunanta da adireshinta, da dangantakarsu, da ranar rasuwa, da waɗanne sassa take so. Za ta ɗora hoton katin shaidarta na gwamnati da takardar shaidar mutuwa. In takardun ba da Turanci suke ba, sai an haɗa da fassarar ƙwararren mai fassara wadda aka buga wa hatimin tabbatarwa. Ƙananan abubuwa ne ke dawo da bukata baya: hoton da ya yanke gefen takarda, hatimin da bai fito ba, da kuma saɓanin suna. Mutane da yawa sun buɗe imel da laƙabi ko da rubutun suna da ya saɓa wa na takardunsu, wasu ma da ranar haihuwa ta ƙarya. Kamfani yana bukatar ya gamsu cewa mamacin da ke takarda shi ne mai asusun, don haka duk abin da ke haɗa su yana taimakawa, kamar tsohon saƙon da ya aiko daga adireshin, ko takardar banki da ke nuna kuɗin watan da ake cira.

Wannan duk matakin farko ne, na tantancewa. In ya wuce, Google zai nemi umarnin kotu, kuma daga kotun Amurka, tare da ba da lafazin da yake so ya fito a ciki. Ga wanda ke zaune a wata ƙasa, ma'anar wannan ita ce ɗaukar lauya a can, da jira na watanni, da kuɗin da zai iya fin ƙarfin iyali. Kuma Google bai yi alkawarin bayarwa ba, ya ce kowace bukata sai ya duba ta. Ni dai ina ganin wannan sharaɗi ya yi tsanani ga wanda hoton mahaifinsa kawai yake nema, amma shi ne a ƙasa, kuma gara a san da shi kafin a fara. Shi ya sa ya dace a taƙaita bukata. Wanda ya ce Photos da Drive yake so, ya bar Gmail, ya rage wa alƙali da kamfani damuwar sirrin mutanen da marigayi ya yi wasiƙa da su. In an yi nasara, kwafin bayanai ake bayarwa. Ba a mayar da asusun hannun iyali.

Da a ce mahaifin iPhone yake riƙewa, hanyar ta yi kama, amma Apple ya fi fayyace abin da yake so. Umarnin kotun dole ya ƙunshi sunan marigayi da adireshin asusunsa na Apple, da sunan mai nema. Dole ya ce marigayin shi ne mai amfani da duk abin da ke haɗe da asusun, ya ce mai neman shi ne wakilinsa a shari'a ko magajinsa, wanda amincewarsa ta zama halastaccen izini, sannan ya ce kotu ta umarci Apple ya taimaka wajen ba da damar isa ga bayanan. A wasu ƙasashe, irin su Faransa, Jamus, Japan, Ostireliya da New Zealand, Apple yana karɓar wasu takardu a madadin umarnin kotu.

A nan ne iyalai ke yawan tuntuɓe, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Takardar da kotu ke bayarwa ta naɗa mutum mai kula da gado, ita ce ke buɗe asusun banki da canza sunan fili, don haka ana ɗauka za ta wadatar. Amma ita cewa take yi wane ne wakili. Ba ta ambaci Apple ba, ba ta ambaci adireshin asusun ba, ba ta kuma umarci kowa ya saki komai ba. Kamfani zai mayar da ita, a koma kotu a sake layi. Dabarar ita ce a nemi lafazin daga kamfanin tun farko, a kai wa lauya, ya saka shi kalma da kalma a cikin bukatar da zai shigar, in da hali a lokaci ɗaya da neman naɗin wakilcin. A kuma tabbatar da adireshin asusun harafi da harafi. Mutum yana iya samun imel uku, wanda ya buɗe iCloud da shi kuma ba lallai ya zama wanda 'ya'yansa suka sani ba.

Akwai iyakar da ko umarnin kotu ba ya ƙetarewa. Lambar sirrin da ke kan iPhone, Apple ba zai iya cire ta ba sai ta hanyar goge wayar, don haka hoton da bai taɓa hawa iCloud ba, yana cikin waya mai kulle kawai, kotu ba za ta fito da shi ba. Haka kuma tun ƙarshen 2022 akwai saitin Advanced Data Protection, wanda in mutum ya kunna, mabuɗan hotunansa da fayilolinsa suna kan na'urorinsa ne kaɗai, Apple ba shi da su. Mai irin wannan asusu in ya rasu bai zaɓi Legacy Contact ba, kuma ba wanda ya san lambar wayarsa, kamfanin ba shi da abin da zai miƙa a hotunan ko alƙali ya umarta. Akwai kuma wani agogo a ɓangaren Apple: kwafin waya da ke iCloud, sharuɗɗan sun ba kamfanin damar share shi in wayar ta yi kwana 180 ba ta sabunta shi ba.

Sauran kamfanonin ba su da nisa da wannan. Microsoft yana neman sammaci ko umarnin kotu kafin ya duba sakin abin da ke OneDrive ko Outlook, kuma wa'adinsa ya fi gajarta, domin waɗannan biyun ana iya rufe su bayan shekara 1 ba a shiga ba, asusun gaba ɗaya kuma bayan shekara 2. Dropbox yana son umarnin ya tabbatar cewa nufin marigayi ne mai nema ya sami fayilolin, kuma doka ta tilasta wa kamfanin bayarwa. Wasiyyar da ta ambaci hotuna da fayilolin intanet da sunansu tana sauƙaƙa wannan sosai. In kuwa asusun na wurin aiki ne ko na makaranta, Google ko Microsoft ba su ne abokan magana ba. Ma'aikatar ce ke da iko da shi, kuma da yawa suna share asusun ma'aikaci jim kaɗan bayan ya bar aiki, don haka a rubuta musu da wuri a roƙi su dakata.

Ranar da damar ta samu, ta kowace hanya, aikin farko shi ne saukewa, kafin a zauna kallo. In ta cikin asusun Google ne, takeout.google.com yana haɗa komai a manyan fayiloli, kuma hanyar saukewar tana mutuwa bayan kamar mako guda. Gigabait 60 yana son intanet mai ƙarfi da wurin ajiya da ya ninka haka, tunda sai an warware fayilolin. A cikin jakar hotunan za a ga ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .json kusa da kowane hoto. Kada a share su da sunan shara, don a ciki ne ranar ɗaukar hoto da bayanin da marigayi ya rubuta a kansa suke, kuma in babu su wasu hotunan za su fito da ranar da aka sauke su, shekaru goma su cakuɗe wuri ɗaya. A buɗe wasu hotuna da bidiyo daga shekaru daban-daban a tabbatar suna aiki, a gwada girman abin da aka sauke da wanda asusun ya nuna, a ajiye kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya a hannun wani daga cikin magada. Sai bayan nan ne za a koma ga fom ɗin farko, a zaɓi rufe asusun, a kuma saki layin wayar.